Lambar Gini, da mutanen da ba a ƙirgawa

Duk wanda ya ɗan zauna a Jidda ko Makka ya san ba sai an kawo masa takarda ba kafin ya yarda cewa akwai tazara tsakanin mutane a abin da suke samu, ido ma ya isa. Mota ɗaya za ta tsaya a danja wadda kuɗinta ya fi abin da mai sharar titin nan zai samu a shekara ashirin, kuma su biyun rana ɗaya ke dukansu. To amma ido ba ya iya gaya maka ko tazarar nan ta fi ta bara, ko ta fi ta Najeriya ko ta Sudan, shi ya sa masana tattalin arziki suke da wata lamba guda ɗaya da suke auna abin da ita, sunanta Gini. Ni ina cikin masu ganin ya kamata mu Hausawan da ke ƙasar nan mu san lambar nan sosai, mu iya lissafa ta da hannunmu ma, domin ba wuya gare ta ba. Amma ina da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne abin da ya sa na zauna rubutun nan: lambar ba ta da amfani sai ka san su wa aka sa a cikin lissafin, su wa aka bari a waje. Mu kuma a nan, sau da yawa mu ne na wajen.

Wani masanin ƙididdiga ɗan Italiya, Corrado Gini, shi ya fito da ita a 1912. Tana tafiya daga 0 zuwa 1, wasu kuma su rubuta ta daga 0 zuwa 100, duk abu ɗaya ne. Idan kowa a ƙasa abin da yake samu daidai yake da na ɗan uwansa, lambar 0 ce. Idan mutum ɗaya ne ya kwashe komai sauran ba su da ko halala, lambar ta kai 1. Ba ƙasar da ke wannan bakin ko wancan, kowa na tsakani. A lissafin Bankin Duniya ƙasashe irin su Norway suna wajen 0.27, Amurka wajen 0.41, Brazil ta haura 0.50, Afirka ta Kudu kuma ta kai 0.63 a 2014, ita ce ake yawan kawowa a matsayin wadda abin ya fi muni.

Bari mu lissafa ta da kanmu, da mutum biyar da kowa a nan ya san irinsu. Misali ne na ƙirƙira don lissafi ya yi sauƙi, amma albashin bai yi nisa da abin da muke gani ba. A imara ɗaya, wato gidan bene mai hawa-hawa, akwai shagala mai aikin gida tana karɓar riyal 1,000 a wata, akwai direban gida 2,000, akwai wani bawan Allah namu haifaffen nan da ke tsaron shago 3,000, akwai saurayi ɗan ƙasa da ya fara aiki 4,000, sai injiniya a hawa na sama 10,000. Idan ka tara duka, riyal 20,000 ke shiga imarar a wata.

Yanzu sai ka ɗauke su bibbiyu, kowa da kowa, ka ga nawa ne tsakaninsu. Shagala da direba 1,000, ita da mai shago 2,000, ita da saurayin 3,000, ita da injiniya 9,000. Direba da mai shago 1,000, shi da saurayin 2,000, shi da injiniya 8,000. Mai shago da saurayin 1,000, shi da injiniya 7,000. Saurayin da injiniya 6,000. Haɗi goma kenan, ka tara su za ka samu 40,000. Sai ka ɗauki yawan mutanen, biyar, ka ninka da jimillar kuɗin, 20,000, ya ba ka 100,000. Ka raba 40,000 da 100,000, ka samu 0.40. Shi ke nan fa, wannan ita ce Gini ɗin imarar. Abin da hukumomi ke yi da kwamfuta a kan dubban gidaje bai wuce wannan ba, tara tazarar da ke tsakanin kowa da kowa ne a auna ta da girman abin da ake rabawa. Kuma in kana ganin mutum biyar sun yi kaɗan, ɗauka kowanne ɗaya yana wakiltar mutum miliyan masu irin albashinsa, amsar ba za ta canza ba, 0.40 ce dai.

Akwai hanya mai sauƙi ta fahimtar me 0.40 ke nufi a aljihu. Matsakaicin samu a imarar nan 4,000 ne, wato in an raba 20,000 gida biyar. Ka ninka Gini sau biyu, 0.80, ka ninka da 4,000 ɗin, ka samu 3,200. Ma'ana in kana zaɓo mutum da ka, ka mayar, ka sake zaɓo wani, tazarar da za ka riƙa samu tsakanin biyun in an daidaita ita ce riyal 3,200. A wurin da matsakaicin samu 4,000 ne, wannan ba ƙaramar tazara ba ce.

Abin da nake so da lambar shi ne tana motsi in an taɓa rabo. A ce injiniyan nan ya riƙa cire 1,000 duk wata yana ba shagalar, ko ƙarin albashi ko sadaka, shi ya koma 9,000 ita ta koma 2,000. Sake lissafin, tazarar ta sauko 32,000, Gini ta koma 0.32. Kuɗin imarar bai ƙaru da ko riyal ɗaya ba, wurin zamansa kawai ya canza, lambar kuma ta nuna. Shi ya sa ba na tare da masu cewa ai duk wannan lissafin Turawa ne ba ruwanmu. Mu da addininmu ya ce kada dukiya ta zama tana zagayawa tsakanin mawadata kawai, in an samu ma'aunin da zai nuna ko tana zagayawar ko ta tsaya a hannu ɗaya, ai mu ya kamata mu fi kowa riƙe shi.

To ga inda matsalar take. Koma kan mutum biyar ɗin nan yadda suke da farko, amma a ce mai ƙidaya da ya zo bai rubuta shagala da direba ba, su biyun baƙi ne, ko don ya ɗauke su wani ɓangare na gidan mai gida, ko don ita shagalar ba ta da igama, wato takardar izinin zama, ta ɓuya a kicin da ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Saura mutum uku, 3,000 da 4,000 da 10,000. Tazararsu 1,000 da 7,000 da 6,000, jimla 14,000. Uku sau 17,000 ya ba ka 51,000. Raba, ka samu 0.27. Daga 0.40 zuwa 0.27, wato a takarda imarar ta tashi daga kusa da Amurka ta koma Norway, alhali ba wanda aka ƙara wa ko sisi, shagalar tana nan tana wanke-wanke a kan 1,000 ɗinta. Ba a yi ƙarya a lissafin ba, kowane mataki daidai ne, mutum biyu kawai aka cire. Wallahi duk lokacin da na yi wannan lissafin sai na ji wani abu a raina, domin na san matan nan, na san 'ya'yansu, wasu tare muka taso.

A wata ƙasar wannan ƙaramar magana ce, baƙi ba su da yawa. A Saudiyya kuwa ita ce maganar gaba ɗaya. Ƙidayar 2022 ta ce mutanen ƙasar miliyan 32.2 ne, 'yan ƙasa miliyan 18.8, waɗanda ba 'yan ƙasa ba miliyan 13.4, kusan kashi 42 cikin 100 kenan. Ka cire mutum huɗu cikin kowane goma, kuma ba da ka kake cirewa ba, galibinsu na ƙasa-ƙasa ne a albashi, leburori, masu aikin gida, direbobi, masu shara, to duk lambar da ka samu bayan haka ba ta ƙasar da muke tafiya a titinta ba ce. Ita kanta hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta nuna bambancin a binciken kuɗin shiga da kashe-kashen gidaje na 2018: matsakaicin abin da gidan ɗan ƙasa ke samu a wata ya kai wajen riyal 14,800, amma da aka haɗa da gidajen baƙi sai ya sauko kusan 12,000. Kuma wannan gidaje ne fa. Irin wannan binciken a yawancin ƙasashe gida-gida ake bi, ba a cika shiga sansanin ma'aikata ba, irin masaukin kamfani da za ka ga mutum takwas a ɗaki ɗaya da gado hawa biyu a bayan gari. Balle kuma wanda ba shi da takarda, wanda duk mai riƙe da biro da fayil a wurinsa alamar tarhil ce, wato a kama shi a mayar da shi gida.

Sannan tsarin da kansa ya raba mutane biyu tun kafin a zo lissafi. Ɗan ƙasa a kamfani, kafin a ƙirga shi cikakken ma'aikaci ɗaya a tsarin Niɗaƙat na tilasta wa kamfanoni ɗaukar 'yan ƙasa, sai albashinsa ya kai 4,000, shi ya sa na ba saurayin misalinmu wannan adadin. Baƙo ba shi da irin wannan mafi ƙarancin albashin, abin da ke cikin kwantiraginsa da kafil shi ne nasa. Tallafin Hisabul Muwaɗin, wato asusun ɗan ƙasa, da aka fara a ƙarshen 2017 don rage wa mutane raɗaɗin ƙarin kuɗin fetur da wuta da haraji, sunansa ma ya faɗi na waye. Harajin kaya kuwa da ya fara da kashi 5 a 2018 ya koma kashi 15 a Yulin 2020, kowa ke biya, bagala ba ta tambayarka fasfo in ka zo sayen omo. Ga kuma kuɗin murafiƙin, wanda baƙo ke biya a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamarsa, ya fara da riyal 100 a wata a 2017, ya kai 400 a 2020.

Tsaya a kan wannan na ƙarshen, domin shi ya fi taɓa irinmu. Mai tsaron shagon nan na misalinmu, mai 3,000, a ce yana da mata da yara biyu. Mutum uku sau 400, riyal 1,200 kenan duk wata kafin ya biya haya, kafin ya sayi buhun shinkafa. Abin da ya rage masa 1,800, ya koma ƙasa da direban gida. In ka sake lissafin imarar da 1,800 a madadin 3,000, Gini ta hau zuwa 0.43. Don haka ko an ƙirga shi ma, akwai tambaya ta biyu, wane kuɗin nasa aka rubuta, wanda ke cikin kwantiragi ko wanda ya rage a hannunsa? A Turai ana fitar da lambar iri biyu, kafin haraji da tallafi da kuma bayansu, kuma ta bayan takan fi ƙanƙanta domin harajin albashi ya fi cin na sama, tallafi kuma ya gangaro ƙasa. A nan babu harajin albashi a kan kowa, kuɗin murafiƙin kuma adadi ɗaya ne ko kana ɗaukar 3,000 ko 30,000, to ga baƙo ƙaramin ma'aikaci lissafin baya yake komawa. Na ga magidanta da suka haɗa wa iyalinsu kaya suka tura su Kano ko Damagaram saboda wannan kuɗin, yara da ba su taɓa ganin damina ba, Larabcinsu ya fi Hausarsu, uba ya tsaya shi kaɗai a ɗakin haya yana aike. Su kuma daga ranar da suka hau jirgi sun fita daga kowane lissafi na ƙasar nan.

Kada wani ya ce na matsa wa Saudiyya, lambobin gida ma suna da nasu ramin, ta wani gefen. Bankin Duniya ya ba Najeriya wajen 0.35 a binciken 2018 zuwa 2019, Sudan kuma wajen 0.34 a 2014. In ka ɗauki lambobin haka tsurarsu sai ka ce rabo a Najeriya ya fi na Amurka adalci, duk wanda ya taɓa bi ta Maitama ya ɓulla wani ƙauye a Jigawa kuwa ya san da sake. Dalili shi ne a ƙasashen nan ba samu ake aunawa ba, abin da gida ya kashe ake aunawa, domin manomi da ɗan kasuwa ba su da takardar albashi, ya fi sauƙi ka tambaye su me aka ci me aka saya a satin nan. Hanyar tana da hujjarta, amma tana matse na sama. Talaka duk abin da ya samu cinyewa yake, mai kuɗi kuwa cikinsa ɗaya ne, rarar ajiyewa yake ko ya sayi fili. Koma imararmu, injiniya ya samu 10,000 amma 6,000 ya kashe, sauran huɗun sun kashe nasu duka. Tazarar ta zama 24,000, biyar sau 16,000 ya ba da 80,000, Gini ta fito 0.30. Mutanen nan dai su ne, kuɗin su ne, 0.40 in ka auna samu, 0.30 in ka auna kashewa. Ƙari a kan haka attajiri na gaske ba ya zama da mai ƙidaya ya cike fom, mai gadi ma ba zai bar shi ya wuce get ba. Shi kuma binciken Najeriya na wancan lokacin bai haɗa da jihar Borno a sakamakon ƙasa ba saboda rashin tsaro, kuma shi ne dai ya ce kashi 40 cikin 100 na 'yan ƙasar, sama da mutum miliyan 82, suna ƙarƙashin layin talauci. Ta Sudan kuwa ta 2014 ce, kafin faɗuwar fam, kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, 'yan uwanmu na Mai Wurno da Gadarif da Kasala su za su gaya maka ko ta yi kama da rayuwarsu ta yau.

Wani abu kuma da ya kamata a sani a wuce, lamba ɗaya na iya ɓoye yanayi daban-daban. Mutum biyar masu 2,000, 2,000, 2,000, 2,000 da 12,000 Gini ɗinsu 0.40 ce. Wasu biyar masu 0, 2,000, 4,000, 6,000 da 8,000 su ma 0.40. Na farko wuri ne da mutum ɗaya ya yi wa kowa fintinkau amma kowa na cin abinci, na biyu kuma akwai wanda ke kwana da yunwa. Maganinsu ba ɗaya ba ne. Haka kuma in ka ninka albashin kowa sau biyu lambar ba ta motsi, in ka rage na kowa rabi ma ba ta motsi, don haka ba ma'aunin talauci ba ce, wanda ya ce maka Gini ɗin ƙasarsu ƙarama ce bai ce maka suna jin daɗi ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma masu faɗar ba mahaukata ba ne. Za a ce gwamnati haƙƙin 'yan ƙasarta ne a wuyanta, baƙo da ƙafarsa ya zo, kuma 1,000 ɗin da kake raina wa shagala ga ci ga wurin kwana, in ta aika gida ta canza ta fi albashin malamin firamare nesa ba kusa ba. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Riyal a ɗaure take da dala, 3.75 shekara da shekaru, naira da fam ɗin Sudan kuwa kowa ya ga yadda suka yi. Gidaje nawa aka gina a Kano da Agadas da kuɗin wanke-wanken Jidda, marayu nawa aka aurar. In da duniya gaba ɗaya za ka yi wa Gini, zuwan matar nan aiki nan rage tazara ya yi, domin kuɗi ya tashi daga inda yake da yawa ya tafi inda babu. Kuma in gwamnati na son sanin ko tallafinta ya kai ga talakan ɗan ƙasa, bazawara a Jazan ko tsoho a ƙauyen Asir, dole ta lissafa ta 'yan ƙasa zalla, wannan lambar tana da aikinta.

Inda na rabu da su shi ne a ɗauki wannan lambar a kira ta ta ƙasa. Shagala ba a Kano take sayen magani ba in ta kwanta ciwo, mai tsaron shago ba da naira yake biyan haya ba, da riyal yake biya, a farashin Jidda. Kuma hujjar "da ƙafarsa ya zo" ba ta hau kan dubban namu da a nan aka yanke musu cibiya, kakanninsu suka zo hajji a ƙasa ta Sudan suka ƙetare ta Sawakin tun kafin a haƙo man fetur, wasu sun samu takardar ƙasa wasu har yau igama suke sabuntawa. Mutumin da bai san wata ƙasa ba sai wannan, ka ce samunsa a auna shi da na ƙauyen da bai taɓa takawa ba, ni ban ga adalci a nan ba. Abin da nake ganin ya dace shi ne a riƙa fitar da lambobi biyu a jere duk lokacin da aka yi binciken, ɗaya ta 'yan ƙasa, ɗaya ta duk wanda ke kwana yana tashi a ƙasar, da masu aikin gida kowa a kan albashinsa, da mazauna masaukin kamfani, kuma a lissafa bayan an cire kuɗin murafiƙin da na igama. Ba abu ne mai wuya ba a yanzu, tunda akwai tsarin kare albashi da ya sa kamfanoni biya ta banki, masu aikin gida ma kwantiraginsu na bi ta Musanid, shafin gwamnati na ɗaukarsu aiki, alƙaluman suna nan a ajiye. Waɗanda ba su da takarda ne kawai za su yi wuyar samu, su ma ana iya ƙiyasta yawansu a rubuta a ƙasan rahoto cewa ba su shiga ba.